YANKAN ALBASHI SABODA MAKARA: INA LISSAFI YA TSAYA, INA TARA TA FARA?

Masu magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A wurin ma'aikaci kuwa ranar wanka ita ce ƙarshen wata, sa'ad da aka miƙa masa takardar albashi ya duba ya ga an zabge wani abu da sunan makara. A da rajista ce ake ajiyewa bakin ƙofa, kowa ya zo ya sa hannu, mai gadi ya ja layi idan lokaci ya wuce. A yau wasu kamfanoni da asibitoci da makarantu masu zaman kansu a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun kafa na'urar dangwala yatsa, wadda take rubuta minti ɗaya ɗaya ba ta mantuwa. Sai dai na'ura lokaci kawai take ƙirgawa. Mutum ne yake mai da lokacin kuɗi, kuma a nan ne ake samun gardama tsakanin ma'aikata da masu gidajen aiki.

Maganar ta shafi waɗanda Dokar Aiki take riƙe da su, wato ma'aikatan kamfanoni, kantuna, masana'antu da ƙungiyoyi. Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da tasu doka dabam.

Abin da doka ta hana

Dokar Aiki ta Nijar da ake aiki da ita, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta hana mai gidan aiki cin ma'aikaci tara. Wannan hani ba sabo ba ne, domin yana cikin dokar aiki ta ƙasashen renon Faransa ta ranar 15 ga Disamba 1952, dokokin da suka biyo baya kuma suka gaje shi. Bugu da ƙari, Nijar ta amince tun 1961 da yarjejeniya mai lamba 95 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1949 domin kare albashi. Yarjejeniyar ta tanadi cewa ba a cire kome daga albashi sai bisa sharuɗɗan da doka ko yarjejeniyar ma'aikata ko hukuncin masu sasantawa suka yanka, kuma lalle a sanar da ma'aikaci waɗannan sharuɗɗa.

To, idan tara haramun ce, mene ne ya halatta yankan makara? Amsar tana cikin asalin albashi. Albashi ladan aiki ne. Wanda bai zo ba sai ƙarfe takwas da rabi, alhali aiki ya soma ƙarfe takwas, bai yi aikin rabin awan nan ba, saboda haka mai gidan aiki yana iya ƙin biyan rabin awan. Wannan ba horo ba ne, ƙin biyan abin da ba a yi ba ne kurum. Amma da zarar abin da aka cire ya ɗara kuɗin lokacin da aka rasa, ko da dala guda ne, rarar ta zama tara, kowane suna aka ba ta a takarda. Duk hukuncin yana rataye ga wannan ma'auni guda, shi ya sa ya wajaba kowane ma'aikaci ya san kuɗin mintinsa.

Yadda ake samun kuɗin minti

Lokacin aiki na doka a wuraren da ba na noma ba awa 40 ne a mako. Shekara tana da mako 52, wato awa 2.080, idan aka raba su wata 12 sai a sami awa 173 da sulusi a kowane wata. Da wannan adadi ne masu lissafin albashi suke raba albashin wata su sami kuɗin awa, sa'an nan su raba kuɗin awa gida 60 su sami kuɗin minti.

A ɗauki misalin wani mai kula da sito a wani kamfani a Maraɗi, wanda tushen albashinsa jika 52 ne, wato tamma 52.000 na sefa. Idan aka raba 52.000 da awa 173 da sulusi, awarsa ta kama tamma 300. Idan aka raba 300 gida 60, mintinsa ya kama tamma 5, wato dala guda daidai. Yininsa na awa 8 kuwa tamma 2.400 ne. Wanda yake karɓar mafi ƙanƙantar albashi, wanda aka ɗaga daga tamma 30.047 zuwa 42.000 tun Janairun 2024, awarsa ta kama tamma 242 da ƴan kai, mintinsa tamma 4 da kaɗan.

Wannan mai sito yana zaune a bayan gari, kabu-kabu yake hawa, kuma a watan Agusta ruwa ya kan tare shi. Cikin watan ya makara sau 6: ran farko minti 6, sa'an nan 9, 12, 25, 8, daga ƙarshe 40. Jimla minti 100 ke nan. Tun da mintinsa dala guda ne, duk abin da ya rasa na aiki bai wuce dala 100 ba, wato tamma 500. Wannan ita ce iyakar da ba a ƙetarewa. Kowace hanya aka bi wajen lissafi, idan ta haura tamma 500 a wannan wata, ta fita daga ƙin biya ta shiga tara.

Rangwamen minti goma da fuskokinsa biyu

Yawancin gidajen aiki su kan yi rangwame, su ce wanda bai wuce minti 5 ko 10 ko 15 ba, ba a ƙirga masa makara. Ana yin haka ne domin agogo ba su tafiya daidai, layi ya kan yi tsawo a gaban na'ura, kuma wahalar lissafin ƴan mintuna ta fi kuɗinsu. Sai dai jumlar nan ta "an yi rangwamen minti 10" tana ɗaukar ma'ana biyu, kuma sau da yawa mai gidan aiki yana nufin ɗaya, ma'aikata suna jin ɗayar.

Ma'ana ta farko ita ce minti 10 na farko yafaffu ne kullum, abin da ya ɗoru a kansu kaɗai ake cirewa. Bisa wannan, ranakun minti 6, 9 da 8 ba su da kome. Ranar minti 12 a cire 2, ranar 25 a cire 15, ranar 40 a cire 30. Jimla minti 47, wato tamma 235.

Ma'ana ta biyu ita ce minti 10 dokin ƙofa ne: wanda bai ƙetare shi ba an yafe masa, wanda ya ƙetare kuwa za a ƙirga masa tun daga minti na farko. Bisa wannan ma ranakun nan uku na ƙaramar makara sun wuce, amma sauran ukun a cire su cif, 12 da 25 da 40, jimla minti 77, wato tamma 385.

Dukan hanyoyin biyu suna ƙarƙashin iyakar tamma 500, saboda haka babu wadda za a kira tara. Amma ba su yi daidai wajen adalci ba. A hanya ta biyu, wanda ya makara minti 10 bai rasa kome ba, wanda ya makara minti 11 ya rasa dala 11, wato minti guda ya jawo masa asarar sha ɗaya. A irin wannan gaɓa ne ake samun jayayya a kan agogon wa ya fi gaskiya. A hanya ta farko babu wannan tsalle, domin minti na sha ɗaya dala guda ne, na sha biyu dala biyu, haka har sama. Mai gidan aiki yana da ikon zaɓen wadda ya so, amma lalle ne ya rubuta ta dalla-dalla tare da misali, ya kuma bi ta a kan kowa, daga direba har shugaban biro. Tazarar tamma 150 da ke tsakanin hanyoyin biyu ƙarama ce a kan mutum guda, amma a gidan da yake da ma'aikata 200, inda kowa yake da tasa fahimta, ta isa ta hana zaman lafiya.

Masu gidajen aiki su kan koka da cewa rangwame yana zama al'ada, har wasu su mai da ƙarfe takwas da minti tara lokacin zuwansu na kullum. Kukan yana da tushe, domin minti 9 a kwana 22 minti 198 ne, fiye da awa uku a wata. Maganinsa yana cikin rubutun ƙa'idar: a ce rangwame yana aiki sau kaza a wata, misali sau 4, bayan haka a ƙirga kowane minti. Ta haka mai makarar tsautsayi ya tsira, mai makarar ganganci kuma ya biya abin da ya rasa, ba tare da an ci shi tara ba.

Hanyoyin da suka ƙetare iyaka

Akwai ƙa'idoji biyu da suka yaɗu, waɗanda mutane da yawa suka ɗauka halal ne don sun daɗe suna ganinsu.

Ta farko ita ce cika awa, wato duk wanda ya wuce rangwame a cire masa awa guda. Mai siton nan ya wuce sau 3, saboda haka za a cire masa awa 3, tamma 900. A waɗannan ranaku minti 77 ya rasa, amma an cire masa minti 180. Ke nan minti 103 ya yi su yana ɗaukar kaya yana rubuta rasit ba a biya shi ba, kuɗinsu tamma 515. Cika kwata ma haka take idan kullum sama ake cikawa: 12 ta zama 15, 25 ta zama 30, 40 ta zama 45, an ƙara masa minti 13 da bai rasa ba. Ƙanƙantar kuɗin ba ta sake masa suna.

Ta biyu ta fi muni, ita ce makara uku daidai da fashin yini. Mai sito ya makara sau 6, za a rubuta masa fashin kwana 2, a cire tamma 4.800, alhali abin da ya rasa duka tamma 500 ne. Rarar tamma 4.300 tara ce tsantsa, ta kusa kashi ɗaya cikin goma sha biyu na albashinsa, kuɗin da zai sayi tiyoyin hatsi masu dama.

Sau da yawa idan ma'aikaci ya yi magana, sai a nuna masa dokar cikin gida da aka lika a bango, a ce ai ga ta a rubuce. Amma dokar cikin gida tana da iyakarta. An keɓe ta ne ga tsarin aiki, ladabtarwa, tsabta da kiyaye haɗari, kuma kafin ta fara aiki sai an nuna wa wakilan ma'aikata, an kuma kai ta ga sufeton aiki. Tana iya faɗin lokacin shiga, da yawan rangwame, da horon da zai hau mai yawan makara. Ba ta iya halatta abin da dokar ƙasa ta haramta. Haka nan idan an sa sharaɗin tara cikin kwantaragi ma'aikaci ya sa hannu, sa hannun bai ba sharaɗin rai ba.

Akwai kuma batun rufe ƙofa. Wasu wurare idan mutum ya wuce rabin awa sai mai gadi ya ce ya koma gida, a rubuta masa fashi. A nan ma'aikaci ya zo da niyyar aiki, mai gidan aiki ne ya hana shi sauran awa bakwai da rabi. Wannan ya yi kama da dakatarwa, dakatarwa kuwa horo ne mai hanyarsa, ba abin da mai gadi zai yanke a bakin ƙofa ba. Idan kuwa aka bar shi ya shiga ya yi aiki, to biyan awoyin da ya yi ya wajaba. Haka kuma idan ya rama minti 25 ɗinsa da yamma da yardar shugabansa, babu sauran abin cirewa, domin an karɓi aikin.

Yaushe ne kwantaragi ya karye?

Daga ɓangaren mai gidan aiki, biyan cikakken albashin aikin da aka yi shi ne babban alkawarin da ya ɗauka. Yankan da ya wuce lokacin da aka rasa saɓa wannan alkawari ne, kuɗin kuma bashi ne a wuyansa. Doka ta tanadi cewa kuɗin da aka riƙe ba bisa ƙa'ida ba ana biyansa har da ruwa tun daga ranar da ya kamata a biya shi. Karɓar takardar albashi da sa hannu a kanta ba tare da ƙorafi ba bai zama yafewa ba. Sai dai neman albashi yana da wa'adi a doka, wanda ya yi ta jinkiri yana iya rasa haƙƙinsa.

Wurin da aka rubuta rangwamen ma yana da muhimmanci. Idan cikin kwantaragin mutum aka rubuta shi, ko cikin yarjejeniyar da aka ƙulla da sandika, to ya zama alkawari tsakanin ɓangarori biyu, ɗaya ba ya soke shi shi kaɗai da takardar sanarwa. Idan kuwa cikin dokar cikin gida yake, mai gidan aiki yana iya sake shi, amma ta hanyar da aka bi aka kafa shi, wato a nuna wa wakilan ma'aikata da sufeto, a lika, kuma ya soma aiki daga nan gaba. Wanda ya janye rangwame ran 25 ga wata, sa'an nan ya ƙirga makarar da aka yi tun ran 1, ya ci amanar waɗanda suka yi aiki bisa tsohuwar ƙa'ida.

Daga ɓangaren ma'aikaci kuwa, zuwa kan lokaci yana cikin alkawarin da shi ma ya ɗauka. Kada ya ɗauka cewa tun da an cire masa dala 47 ya sayi makararsa ke nan. Cire kuɗin lokacin da ba a yi ba ba horo ba ne, saboda haka bai hana a yi masa gargaɗi a kan makarar ba. Matakan horo sanannu ne: gargaɗi, dakatarwa ta ƴan kwanaki ba albashi, sa'an nan sallama, kuma kafin a yanke sai an ba shi damar kare kansa, yana iya zuwa da wakilin ma'aikata. Makarar da ta yawaita bayan gargaɗi a rubuce tana iya zama dalilin sallama. Nauyinta kuma ya danganta da irin aikin, domin minti 20 na mai buga takardu ba daidai suke da minti 20 na mai karɓar gadi ko mai jinyar da wani yake jira ya miƙa wa aiki ba. Abin da ba a yi shi ne horo biyu a kan laifi guda, a dakatar da mutum saboda makarar Agusta, ya dawo kuma a sallame shi a kanta ba tare da ya sake wata ba. Ko laifin ya kai babban laifin da yake hana wa'adin sallama da kuɗinta, wannan kotu ce take da maganar ƙarshe a kai, ba wasiƙar kamfani ba.

Babban kuskuren da ma'aikaci ya kan yi shi ne fushi. An cire masa tamma 4.800, sai ya ce an karya kwantaragi, ya zauna gida. Bayan ƴan kwanaki sai a rubuta cewa ya gudu daga aiki, mai gaskiya ya koma mai laifi, ya rasa aikin jika 52 a kan jika huɗu da ƴan kai.

Hanyar da ta dace

Abin da ya kamata mai siton nan ya yi shi ne ya ci gaba da zuwa aiki, ya kuma nemi a ba shi lissafin na'ura ko shafin rajista na watan. Ya rubuta ranaku shidan da mintinsu, ya buga da dala guda, ya sami tamma 500, ya ajiye kusa da abin da takardar albashi ta nuna. Sa'an nan ya rubuta wa shugaban ma'aikata wasiƙa mai kwanan wata, yana neman a mayar masa da rarar, ya riƙe kofe. Idan rangwamen minti 10 yana rubuce, abin da ya halatta a cire 235 ne ko 385, gwargwadon yadda aka rubuta shi, saura duka nasa ne. Idan ba a amsa ba, wakilin ma'aikata ya kai maganar. Idan ta ƙi, sai ofishin sufeton aiki na jiha, inda ake kiran ɓangarorin biyu a nemi sulhu a rubuta. Idan sulhu ya gagara, kotun aiki ce ta rage, shigar da ƙara a can kuwa ba a biyan kuɗi.

Shi kuma mai gidan aiki, abu huɗu za su raba shi da wannan tafiya. Ya tsai da agogo guda wanda kowa yake gani, a riƙa daidaita shi. Ya rubuta rangwamen da ma'anarsa da yawan lokutan da yake aiki a wata. Ya sa a takardar albashi layi dabam mai nuna yawan minti, kuɗin minti da jimla, yadda mai sito zai iya bin lissafin da kansa. Ya kuma tanadi hanyar kawo uzuri, kamar takardar likita ko ranar da ruwa ya yanke hanya ko na'ura ta ƙi karɓar yatsa. Wanda makararsa ta zama hali, a bi shi da matakan horo da doka ta shimfiɗa, a bar masa ladan awoyin da ya yi aiki.